An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Manhajojin Gano Rubutun Na'ura da Ɗalibin da Ya Koyi Turanci a Aji

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ga jama'a, malaman makarantu da na jami'o'i suka shiga neman hanyar da za su bambance insha'in da ɗalibi ya rubuta da kansa da wanda na'ura ta rubuta masa, kuma ba a daɗe ba kasuwa ta cika da manhajoji masu iƙirarin yin wannan tantancewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Malami zai liƙa rubutun ɗalibi a cikin manhajar, ita kuma ta fito masa da wani adadi, ta ce kashi kaza cikin ɗari na rubutun ya yi kama da aikin ƙirƙirarriyar basira. Matsayin wannan sharhi a fili yake: wannan adadi bai isa ya zama hujjar hukunta kowane ɗalibi ba, kuma rauninsa ya fi tsanani a kan ɗalibin da ya koyi Turanci a aji, wanda bai tashi yana jin sa a bakin iyayensa ba. Dalili kuwa shi ne abin da manhajar take aunawa, wato sauƙin hasashen kalmomin rubutu, siffa ce da rubutun mai koyon harshe yake ɗauke da ita tun kafin a ƙirƙiro ChatGPT, kuma saboda wasu dalilai da ba su da alaƙa da maguɗi ko kaɗan.

Kafin a kai ga hujjoji, wajibi ne a fahimci abin da manhajar take gani da abin da ba ta gani. Ba ta ga wanda ya zauna ya yi rubutun ba, ba ta ga takardun da ya yi ta gogewa yana sakewa ba, kuma ba ta da wani kundi da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka ba ta na dukkan abin da na'urorinsu suka taɓa rubutawa, balle ta gwada ta ce ga asalin inda aka kwaso. A nan ta bambanta da tsohuwar manhajar gano satar fasaha, wadda idan ta zargi ɗalibi takan nuna shafin littafi ko maƙalar da aka kwafa, malami ya ajiye su gefe da gefe ya gani da idonsa. Sabuwar manhaja ba ta da shafin da za ta nuna. Kalmomi kawai take da su, kuma daga tsarin jeruwarsu take yin hasashe.

Hasashen nan ya samo asali daga yadda na'urorin rubutu irin su ChatGPT suke aiki. An ciyar da su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har suka iya ƙiyasta, a kowane wuri a cikin jimla, wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo baya. Bahaushe ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba: idan aka ce masa “hannu ɗaya ba ya ɗaukar”, ba sai ya yi tunani ba zai ce jinka, amma idan aka ce masa “jiya a kasuwa na sayi”, ƙofa a buɗe take, domin abin da aka saya zai iya zama goro, ko atamfa, ko akuya. A jimlar farko babu mamaki a kalmar da ta biyo, a ta biyu kuwa kowace kalma aka kawo tana ɗauke da ɗan mamaki. Na'urar rubutu, da yake an gina ta a kan zaɓar kalmomin da suka fi yiwuwa, takan samar da rubutun da mamakinsa kaɗan ne daga farko har ƙarshe. Masu ƙera manhajojin ganowa sai suka juya lissafin, suka ce duk rubutun da mamakinsa ya yi ƙasa sosai, to mai yiwuwa na'ura ce ta yi shi. Wannan ma'aunin mamaki shi ne abin da ake gani a allon wasu manhajoji da sunan `perplexity`, kuma manhajar GPTZero, wadda wani ɗalibin Jami'ar Princeton mai suna Edward Tian ya fitar a watan Janairu na 2023, ta shahara ne da shi tare da ma'auni na biyu, `burstiness`, wanda ke duba yadda jimloli suke sassaɓawa, wata doguwa wata gajeriya, wata mai sauƙi wata mai sarƙaƙiya.

Yana da kyau a bi lissafin da ƙaramin misali, wanda aka zaɓi alƙalumansa don sauƙin bayani kawai. A ɗauka ɗalibai biyu ne suka rubuta jimla mai kalmomi huɗu. A jimlar ɗalibi na farko, na'urar aunawa ta ga cewa kalmar farko tana da damar zuwa ɗaya cikin 2, ta biyu ma ɗaya cikin 2, ta uku ɗaya cikin 4, ta huɗu ɗaya cikin 16. Idan aka ninka waɗannan lambobi a kan juna za a sami 256, kuma lambar da za a ninka a kan kanta har sau huɗu ta ba da 256 ita ce 4, don haka ma'aunin mamakin wannan jimla 4 ne, ma'ana kamar na'urar tana zaɓe ne tsakanin kalmomi huɗu kacal a kowane mataki. A jimlar ɗalibi na biyu kuwa damar kalmomin ita ce ɗaya cikin 8, ɗaya cikin 16, ɗaya cikin 16, da ɗaya cikin 32, waɗanda ninkinsu ya kai 65,536, ma'aunin mamakinsu kuma ya zama 16. Idan masu manhajar sun ja layinsu a kan 10, suka ce duk abin da ke ƙasa da haka aikin na'ura ne, to ɗalibi na farko ya faɗa tarko, na biyu ya tsira. A cikin wannan lissafi gaba ɗaya, a ina aka tambayi wanda ya riƙe alƙalami? Babu inda aka tambaya. An dai auna yadda kalmominsa suka saba zuwa tare, aka kira sakamakon shaida.

To, wane ne a cikin aji ya fi yiwuwa ya zama ɗalibi na farko? Duk wanda ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na 'yan sakandare a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san amsar. Mai koyon harshe yana da ƙaramin rumbun kalmomi, kuma kalmomin da ke cikin rumbun su ne waɗanda suka fi yawo a harshen, domin su ake fara koyarwa. Inda ɗan harshen yake da kalmomi biyar ko shida da zai zaɓa don bayyana muhimmancin abu, mai koyo yana da `very important`, kuma zai maimaita ta sau uku a shafi ɗaya ba tare da ya ga laifin hakan ba. Bayan ƙarancin kalmomi akwai tsoron kuskure, wanda ke sa shi ya guji jimlar da bai tabbatar da nahawunta ba, ya koma ga ginin da ya san ba zai jawo masa jan biro ba, sai jimlolinsa su fito kusan tsawo ɗaya da fasali ɗaya, kamar tubalan da aka buga da ma'auni guda. Wannan ya rage masa maki a ma'auni na biyu ke nan.

Abu na uku ya fi waɗannan biyun ban takaici, domin makaranta ce da kanta ta dasa shi. Shekara da shekaru malaman Turanci suna horar da masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, da masu shirin TOEFL da IELTS, a kan wani tsari tsayayye: gabatarwa, sakin layi uku na hujjoji, sai kammalawa, a fara da `first and foremost`, a haɗa da `moreover` da `furthermore`, a rufe da `in conclusion`. Ɗalibi ya haddace waɗannan kamar karatun allo, ya ci jarrabawa da su, aka yaba masa. Su ne kuma ainihin kalmomin haɗi da na'urar rubutu ta fi yawan amfani da su idan aka ce ta rubuta insha'i, domin ita ma daga irin waɗannan rubuce-rubuce masu bin ƙa'ida ta koya. Ɗalibin da ya fi bin umarnin malaminsa shi ne ya fi kama da na'ura, alhali kama da wane ba ta wane. Akwai ma wani abin lura da ke biyo baya daga lissafin da aka yi a sama: kuskuren nahawu da kalmar da aka sa ba a muhallinta ba suna ɗaga ma'aunin mamaki, saboda na'urar aunawa ba ta zaci zuwansu ba, don haka wanda Turancinsa ke cike da kurakurai yana da wata 'yar kariya, yayin da wanda ya yi ƙoƙari ya tsabtace nahawunsa, ko ya bi rubutunsa da manhajar gyaran nahawu, amma rumbun kalmominsa bai faɗaɗa ba tukuna, shi ne ya tsaya daidai inda kibiya take sauka.

Wannan bayani ba hasashen marubuci ba ne kawai, an gwada shi. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Weixin Liang da James Zou, suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Patterns. Sun ɗauki insha'i 91 na masu shirin jarrabawar TOEFL, waɗanda suka samo daga wani dandalin ilimi na ƙasar Sin, da insha'i 88 na yara 'yan aji takwas a Amurka, dukkansu rubutun mutane, suka bi da su ta cikin manhajojin ganowa guda bakwai da suka fi shahara a lokacin. A kan rubutun yaran Amurka manhajojin sun yi kusan daidai, kuskurensu bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari ba. A kan insha'in TOEFL kuwa, matsakaicin kuskurensu ya haura kashi 61 cikin ɗari, wato fiye da rabin rubutun da mutane suka yi da guminsu an jingina shi ga na'ura. Insha'i 18 daga cikin 91 duk manhajojin bakwai sun haɗu a kan cewa na'ura ce ta rubuta su, kuma 89 daga cikin 91 an sami aƙalla manhaja ɗaya da ta zarge su.

Wannan adadi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana rushe wata dabara da malamai da yawa suke ɗauka a matsayin taka-tsantsan. Malami yakan ce shi ba ya dogara da manhaja ɗaya, yakan gwada uku ko huɗu, idan wata ta nuna ja sai ya kira ɗalibin. Amma idan 89 cikin 91 na marasa laifi za su nuna ja a wani wuri, ƙara yawan manhajoji ƙara faɗin koma ne kawai, har ta kai ba kifin da zai tsira. Haka kuma haɗuwar manhajoji bakwai a kan magana ɗaya ba ta kai matsayin shaidu bakwai ba, tunda kusan abu ɗaya suke aunawa; shaida ɗaya ce ta shigo kotu sau bakwai da riguna daban-daban.

Abin da ya sa binciken ya yi ƙarfi shi ne matakin da suka ɗauka bayan haka, don su tabbatar cewa faɗin kalmomi ne musabbabin bambancin. Sun miƙa wa ChatGPT insha'in TOEFL ɗin nan tare da wannan umarni:

```
Enhance the word choices to sound more like that of a native speaker.
```

Ma'anarsa a inganta zaɓin kalmomi su yi kama da na ɗan harshe. Da aka mayar da sabbin rubuce-rubucen cikin manhajojin, kuskuren ya faɗo daga kashi 61 zuwa kimanin kashi 12, kuma insha'i ɗaya tak ya rage wanda duk bakwai ɗin suka zarga. Sai suka juya gwajin, suka sa ChatGPT ya sauƙaƙa kalmomin yaran Amurka kamar wanda ba ɗan harshe ba ne ya rubuta, nan take zargin ya tashi daga kimanin kashi 5 zuwa kimanin kashi 57. A lura da abin da wannan yake nufi a aikace. Insha'in da ɗalibi ya rubuta shi kaɗai an ce na na'ura ne, amma da na'ura ta sa hannu a cikinsa da gaske sai aka ce na mutum ne. Sun kuma nuna cewa rubutun da ChatGPT ya yi tun daga tushe yana iya kuɓuta daga yawancin manhajojin idan aka ƙara masa umarni guda cewa ya ƙawata harshensa da salon adabi. Ke nan mai maguɗin da ya san kan na'ura yana wucewa da jimla ɗaya, mai gaskiyar da bai taɓa buɗe ta ba yana tsaye gaban kwamitin ladabtarwa. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu kare manhajojin suna da amsoshi, kuma ba duka ne na banza ba. Amsa ta farko ita ce binciken Stanford ƙarami ne: insha'i 91 ba su da yawa, gajeru ne, an kwatanta manya masu shirin jarrabawa da yara 'yan aji takwas da suka yi rubutu a kan batutuwa daban, kuma da yake an ɗauko su daga intanet, mai yiwuwa na'urorin aunawa sun taɓa cin karo da su ko da irinsu, abin da kan rage ma'aunin mamaki shi kaɗai. Wannan suka ce mai nauyi, kuma saboda ita bai kamata kowa ya ɗauki kashi 61 ya ce shi ne adadin kuskuren kowace manhaja a kowace makaranta ba. Sai dai sukar ta taɓa girman adadin ne, ba ta taɓa musabbabinsa ba. Gwajin da aka juya gaba da baya, inda rubutu ɗaya yake shiga zargi ko fita daga zargi gwargwadon faɗin kalmominsa, yana nan daram. Bugu da ƙari, masu binciken sun duba taƙaitattun bayanan maƙalun da aka karɓa a wani babban taron masana ilimin kwamfuta, ICLR na 2023, waɗanda aka miƙa kafin fitowar ChatGPT, suka tarar cewa marubutan da ke ƙasashen da Turanci ba harshen gida ba ne ma'aunin mamakinsu ya fi ƙasa. Waɗannan ƙwararrun masana ne da aikinsu ya tsallake tantancewa, don haka ba za a ce raunin ilimi ne ya jawo ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Ana cewa manhajojin farkon 2023 ne aka gwada, kuma na yanzu ba su dogara da ma'aunin mamaki kai tsaye ba. Ana horar da su ne da tarin rubutun mutane da tarin rubutun na'ura har su koyi bambancewa da kansu. Kamfanin Turnitin, wanda ya ƙara wannan aiki a manhajarsa a watan Afrilu na 2023 kuma ba ya cikin bakwai ɗin da aka gwada, ya fitar da nasa gwajin yana cewa bai ga wani bambanci mai ma'ana ba tsakanin masu koyon Turanci da 'yan harshe. Wasu masu bincike a hukumar ETS, mai shirya TOEFL da GRE, su ma sun wallafa a 2024 cewa manhajar da suka horar da insha'in jarrabawar GRE ba ta nuna son kai a kan waɗanda ba 'yan harshe ba. Adalci ne a karɓi wannan a matsayin shaida cewa ana iya rage matsalar. Amma a dubi sharaɗin da ya sa aka rage ta: an horar da manhajar da rubutun irin mutanen da za a gwada, a kan irin aikin da za su yi. Manhajar da aka horar ta san nau'in ɗan Adam da aka nuna mata ne kawai, kuma duk wanda rubutunsa bai yi kama da waɗanda ta gani ba, hukuncinta a kansa shaci-faɗi ne. To, insha'i nawa na ɗaliban Zariya ko Maiduguri aka nuna mata? Nawa na ɗalibin Maraɗi ko Damagaram, wanda Turanci ya zo masa bayan Hausa da Faransanci? Jami'ar da ta sayi lasisi tana da haƙƙin ta yi wannan tambaya, kuma gwajin da mai kaya ya yi wa kayansa, komai kyawun niyyarsa, ba ya maye gurbin amsarta.

Ko an yarda da alƙaluman kamfanonin yadda suke, lissafi ba ya ƙarewa nan. Turnitin ya ce kuskurensa na zargin marar laifi bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a matakin takarda sukutum, ga takardun da ya nuna fiye da kashi 20 nasu na na'ura ne, sannan daga baya ya bayyana cewa a matakin jimla ɗaiɗai kuskuren ya kai kimanin kashi 4, ya kuma ɗaga mafi ƙarancin tsawon rubutun da zai duba zuwa kalmomi 300. Jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tennessee ta Amurka ta ɗauki wannan kashi 1 ta auna shi da nata aikin: ta miƙa takardu 75,000 ga Turnitin a 2022, wanda ke nufin kimanin takardu 750 za a iya zarga bisa kuskure a shekara guda. A watan Agusta na 2023 ta kashe wannan sashe na manhajar, kuma cikin dalilan da ta bayar har da batun ɗaliban da Turanci ba harshensu na farko ba ne. Kafin nan da wata guda, kamfanin OpenAI da kansa ya janye manhajar ganowar da ya fitar a watan Janairu na wannan shekara saboda ƙarancin daidaitonta, bayan tun farko ya faɗa cewa tana gano kashi 26 ne kawai na rubutun na'ura, tana kuma zargin kashi 9 na rubutun mutane. Idan maƙerin da ya ƙera wuƙa ya ce ya kasa ƙera kubenta, da wane ƙarfin gwiwa wani zai ce nasa kuben ba ya kuskure?

Amsa ta uku daga malamai take fitowa, kuma ita ce ta fi cancantar tausayawa. Lakcaran da ke da ɗalibai ɗari huɗu a kwas ɗaya zai ce maguɗi da na'ura gaskiya ne, yana ganinsa kullum, ba shi da lokacin zama da kowa, kuma manhajar tana nuna masa inda zai duba ne kawai, ba ita ke yanke hukunci ba. Maguɗin gaskiya ne, babu mai musun haka. Amma maganar cewa adadin manuniya ce kawai ba ta jure abin da ke faruwa a ofis. Da zarar malami ya ga kashi 87 a allo da jan launi, ya riga ya karanta takardar da wani ido, kuma nauyin kawo hujja ya koma kan ɗalibi, wanda aka ce ya tabbatar da cewa bai yi abin da bai yi ba. Ɗalibin da ake magana a kansa kuwa shi ne mafi ƙarancin iya kare kansa, domin za a tuhume shi da Turanci, ya amsa da Turanci, a gaban manya, kuma in-inarsa da neman kalmarsa su zama ƙarin shaida a kansa cewa wanda bai iya magana haka ba ba zai iya rubutu haka ba, alhali kowa ya san mai koyon harshe yakan fi ƙwarewa a takarda, inda yake da lokaci da ƙamus, fiye da a baki. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga zaton da aka sayo da kuɗi aka ba shi lamba?

Ba manhaja kaɗai ke wannan kuskure ba, idon mutum ma ya koyi yin sa. A watan Afrilu na 2024 Paul Graham, wani sanannen mai zuba jari a harkar fasaha, ya rubuta a shafin X cewa ganin kalmar `delve` a cikin saƙon da aka aiko masa alama ce ta ChatGPT, sai 'yan Nijeriya da dama suka yi masa ca, suna cewa kalmar tsohuwar abokiyar rubutunsu ce tun daga sakandare. Gaskiya ne na'urar tana yawan amfani da kalmar, kuma gaskiya ne Turancin da ake koya daga littafi a ƙasashen da Birtaniya ta mulka yana riƙe da kalmomi na ƙa'ida da Ba'amurke ba ya furtawa a hirarsa. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa kalma ko salo ba sa iya zama shaidar wanda ya yi rubutu.

Illar da ta fi daɗewa a jiki ita ce abin da wannan tsoro yake koya wa ɗalibi. Wanda ya gane cewa tsabtataccen rubutu mai sauƙi yana jawo zargi yana da hanyoyi biyu, kuma dukkansu ɓarna ne: ko ya bar kurakurai da gangan don ya yi kama da mutum, ko ya kai rubutunsa ga na'ura ta canza masa kalmomi don ya tsallake manhaja, wato ya aikata laifin don ya kuɓuta daga zargin aikata shi. Malamin Turanci ya yi shekaru yana cewa a rubuta a sarari, a zaɓi kalma mai sauƙi, a guji ƙaƙale, yanzu kuma ga wata na'ura a ofishin sashe tana hukunta wanda ya ji maganarsa.

Akwai shaidun da suka fi adadin allo nauyi, kuma ba su da tsada. Rubutun da aka yi a Google Docs yana ajiye tarihin gyare-gyarensa, inda za a ga ko takarda ta girma sannu a hankali cikin kwanaki ko an liƙa ta gaba ɗaya cikin minti guda, ko da yake ɗalibin da ya rubuta a takarda sannan ya kai shagon buga takardu ba zai sami wannan ba, sai dai ya kawo daftarinsa na hannu, wanda shi ma shaida ne. Manazartar da aka ambata a rubutu ana iya bincika ko akwai su, domin na'ura ta shahara da ƙirƙiro sunayen littattafai da maƙalun da ba a taɓa rubutawa ba, kuma wannan hujja ce da ake iya ajiyewa a kan tebur. Ɗan gajeren rubutu a cikin aji a farkon zango yana ba malami abin kwatantawa. Minti biyar na tambaya a kan abin da takardar ta ƙunsa, me ya sa aka zaɓi wannan misali, daga ina wannan adadi ya fito, sukan raba wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, musamman idan aka bar ɗalibin ya yi bayani da harshen da ya fi sakewa a cikinsa, tunda fahimtarsa ake nema a wannan zama.

Ga sashen da ya riga ya biya kuɗin manhaja kuma yake ganin ba zai iya rabuwa da ita ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin da ya rage shi ne ya auna yawan zubar kafin ya ɗora makomar wani a kanta. Gwajin yana hannunsa. A ɗakin ajiyar kowane sashe akwai kundayen kammala digiri da takardun aikin gida na shekarun 2015 zuwa 2021, waɗanda ɗalibansa suka rubuta kafin a saki ChatGPT. A zaɓo ɗari daga cikinsu ba tare da son rai ba, na masu ƙoƙari da na masu rauni, a bi da su ta cikin manhajar sashe-sashe daidai tsawon aikin da ake ba ɗalibai yanzu, a ƙirga nawa ta zarga. Duk wanda ta zarga kuskure ne tsantsa, kuma adadin da ya fito shi ne ainihin kuskurenta a kan ɗaliban wannan sashe, da irin Turancinsu da irin horon da suka samu. A sake gwajin duk lokacin da kamfanin ya sabunta manhajar, a kuma liƙa sakamakon inda ɗalibai za su gani. Majalisar jami'ar da ba ta yi wannan gwaji ba, bai halatta ta karɓi adadin manhaja a matsayin shaida a gaban kwamitin ladabtarwa ba.